Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Zan Sauƙaƙa wa 'Yan Haya Takardar Lauya Ba Tare da Na Taɓa Sharuɗɗanta Ba?

TAMBAYA

Ni ne nake kula da gidan hayar kawuna mai ɓangare shida. Lauya ne ya rubuta mana yarjejeniyar haya da Turanci, shafi biyar, kuma ko waɗanda suka yi boko a cikin 'yan hayar ba sa gane ta. Sa hannu kawai suke yi, sai ranar da famfo ya lalace ko silin ya tsage a fara musu. Ina so in rubuta musu ita da Hausa mai sauƙi, amma ina tsoron in rage wa kawuna wani haƙƙi, ko in ɗora wa ɗan haya abin da ba ya wuyansa. Ta ina zan fara?

Mai karatu daga Zariya

AMSA

Tsoron nan da kake ji yana kan hanya, domin a nan ne masu irin wannan aiki suka fi zamewa. Sauƙaƙa takardar haya kamar canjin kuɗi yake. An ba ka takardar dubu ɗaya ka mayar da ita ɗari-ɗari, to dole in an ƙirga a tarar da goma cif. Kana da 'yancin yayyanka dogon zance da sauya tsarinsa yadda mai karatu zai ji daɗi, amma nauyin da ke kan kowane ɓangare sai ya fito yadda ya shiga.

Kada ka fara da fassara. Ka fara da warwarewa. Ka ɗauki sashe ɗaya na yarjejeniyar, ka samu farar takarda, ka amsa tambayoyi biyar a kansa: wa aka ɗora wa nauyi, me zai yi, yaushe zai yi shi, wane abu aka cire ko wane sharaɗi aka gindaya, sannan me zai biyo baya in bai yi ba. Sai ka gama amsa su za ka rubuta jimlar farko. Lauyoyi sun saba cusa alkawura uku ko huɗu a jimla guda, don haka sau da yawa za ka ga sashe ɗaya ya haifi jerin amsoshi da dama.

Bari mu gwada da sashen gyara, tunda shi ne ke haddasa muku musu. Ban ga takardarku ba, amma irin wannan sashe kusan kamanni ɗaya yake da shi a yawancin yarjejeniyoyin haya na Najeriya. In aka juya shi Hausa yadda lauya ya jera shi, ga yadda zai fito:

"Ɗan haya ya yi alkawari ga mai gida cewa a tsawon wa'adin da aka bayar zai riƙe cikin gidan da aka ambata, haɗe da ƙofofi da tagogi da makullai da famfuna da duk abin da mai gida ya kafa a ciki, cikin kyakkyawan yanayin da za a iya zama, ban da tsufan da amfani na yau da kullum ke jawowa da ɓarnar gobara ko guguwa wadda ba sakacinsa ne ya jawo ba, kuma zai ƙyale mai gida ko wakilinsa ya shiga a lokacin da ya dace da rana, bayan rubutacciyar sanarwa ta awa 48, domin duba halin da gidan ke ciki, kuma zai gyara duk lalacewar da ke wuyansa cikin kwana 30 daga samun rubutacciyar sanarwa, wanda in ya gaza mai gida na iya shiga ya yi gyaran, abin da ya kashe ya zama bashi a kan ɗan haya."

Ka ga ko da Hausa ma sai numfashi ya ƙare kafin a kai ƙarshe. Amma in ka bi shi da tambayoyin nan biyar, za ka tarar abubuwa huɗu ne a ciki. Na farko, kula da cikin gida, wanda aka cire abubuwa biyu daga cikinsa: tsufa na yau da kullum, da gobara ko guguwar da ba laifin ɗan haya ba. Na biyu, barin mai gida ya shiga dubawa, bisa sharuɗɗa uku: da rana, a lokacin da ya dace, bayan sanarwa a rubuce ta awa 48. Na uku, yin gyara cikin kwana 30. Na huɗu, damar da mai gida ke da ita in ba a yi gyaran ba. Yanzu sai a ba kowanne layinsa, abubuwan da aka cire su ma su samu nasu:

"1. Kai ne za ka kula da cikin ɓangarenka muddin kana haya. Wannan ya haɗa da ƙofofi, tagogi, makullai, famfuna da duk abin da mai gida ya kafa a ciki. Dole ka riƙe su cikin kyakkyawan yanayin da za a iya zama.

2. Abubuwa biyu ba sa wuyanka: abin da ya tsufa saboda amfani na yau da kullum, da abin da gobara ko guguwa ta lalata, matuƙar ba sakacinka ne ya jawo ba.

3. Dole ka bar mai gida ko wakilinsa ya shiga ya duba halin da gidan ke ciki. Zai zo da rana, a lokacin da ya dace, bayan ya ba ka sanarwa a rubuce awa 48 kafin zuwansa.

4. In ka samu sanarwa a rubuce kan wata lalacewa da ke wuyanka, dole ka gyara ta cikin kwana 30 daga ranar da sanarwar ta iso gare ka.

5. In ba ka gyara a cikin kwanakin ba, mai gida yana da damar shiga ya yi gyaran da kansa. Abin da ya kashe ya zama bashi a kanka."

Ka lura da abin da muka sauya. Mun yi magana da mutum kai tsaye, "kai" da "dole ka", maimakon "ɗan haya ya yi alkawari". Mun raba jimla ɗaya gida biyar. Mun zubar da "da aka ambata" da makamantansa, waɗanda ba su ɗauke da wani nauyi. Abin da ba mu taɓa ba shi ne lambobi, da abubuwan da aka cire, da jerin kayayyakin da aka lissafa, da kalmar "a rubuce" a duk inda ta zo.

Yanzu ga wuraren da hannu ke zamewa, kuma duk a cikin wannan sashe guda za ka same su.

Mafi yawan kuskure shi ne jefar da abin da aka cire. Mai sauƙaƙawa ya gaji, sai ya rubuta: "Duk abin da ya lalace a gidan, kai za ka gyara." Jimlar tana da daɗin karatu, amma ta yi ɓarna biyu. Ta haɗiye tsufa na yau da kullum, ta mayar da fentin da ya koɗe bayan shekara uku da zaren famfon da ya cinye don yawan murɗawa a wuyan ɗan haya, alhali asalin takardar ta sauke masa su. Sannan ta mayar da "cikin gida" ya zama "gida", sai ga kwanon rufi da katangar waje da sokawe sun shigo, waɗanda wannan sashe bai ambace su ba. Duk inda ka ga "ban da", "sai dai", "matuƙar" ko "da sharaɗin", ka ja layi a ƙarƙashinsu kafin ka fara, ka ƙirga su, in ka gama ka sake ƙirgawa a Hausarka. In uku ne a can, su zama uku a nan.

Na biyu shi ne cakuɗa dole da dama. Asalin sashen cewa ya yi mai gida "na iya" shiga ya yi gyaran. In ka rubuta "mai gida zai yi gyaran", ka ɗora wa kawunka alkawarin da bai ɗauka ba, kuma ɗan haya zai miƙe ƙafa ya jira shi. Hausa tana da saurin yin wannan, domin mun saba cewa "zai yi" ko a kan abin da yake ganin dama ne. Saboda haka ka tsayar da kalmomi uku ka riƙe su daga farko har ƙarshe: "dole" ga abin da yake wajibi, "yana da damar" ga abin da yake zaɓi, "ba a yarda" ga abin da aka hana. Haka nan in ka kira abu da suna ɗaya a shafin farko, kada ka sauya masa suna a shafi na uku don ado. Wanda ya ga "kuɗin haya" a nan, "kuɗin gida" a can, yana iya zaton kuɗi biyu ne.

Na uku yana zuwa ne da kyakkyawar niyya. Ka ga "lokacin da ya dace da rana", sai ka ce bari in taimaka, ka rubuta "daga ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma". Wannan sabon sharaɗi ne ka ƙirƙira. Lauya ya bar wurin a buɗe da gangan, domin abin da ya dace a gidan da matan aure ke ciki ya bambanta da na shago, kuma in an yi saɓani alƙali ne zai auna. Abin da takardar ta bari a buɗe, kai ma ka bar shi a buɗe. In kuna son a ƙayyade awoyin, to wannan gyaran yarjejeniya ne, sai kawunka da ɗan haya sun amince, an rubuta, kowa ya sa hannu. Misali ma in za ka kawo, ka ware shi a ƙasa ka rubuta masa "misali kawai", don kada a ɗauka iyakar jerin ke nan.

Na huɗu shi ne inda ake fara ƙirgen kwanaki. A ce ka rubuta sanarwar gyara ranar 3 ga Maris, amma ba ta isa hannun ɗan haya ba sai 10 ga Maris saboda ya yi tafiya. In daga ranar rubutawa ake ƙirgawa, kwana 30 sun cika 2 ga Afrilu. In daga ranar samu ne, kamar yadda sashen ya ce, sai 9 ga Afrilu. Mako guda ke nan cur, kuma a cikin makon nan ne za ka iya turo mai gyara ya kashe naira 85,000 a lokacin da ba ka da hurumin turo shi. Kada kuma ka mayar da kwana 30 "wata ɗaya", domin wata yana iya zama kwana 28 ko 31, wani ma zai ƙirga da watan Musulunci.

To yaya za ka gane ko Hausarka ta yi daidai? Kada ka tsaya ga karanta su gefe da gefe, domin ido yana yafe wa abin da hannunsa ya rubuta. Ka ƙirƙiro abubuwan da kan faru a gida, ka tambayi kowace takarda hukuncinsu daban. Yaron ɗan haya ya buga ƙwallo ya fasa gilashin taga: takardar lauya ta ce ɗan haya zai gyara, layi na 1 ma haka. Iska mai ƙarfi ta farkon damina ta fizge tagar: ba ya wuyansa, layi na 2 ya yarda. An bar kyandir a kunne, labule ya kama, silin ya ƙone: gobara ce, amma ta sakaci, don haka tana wuyansa a duka biyun. Ka kira shi a waya ka ce gobe za ka zo dubawa, ya ce bai yarda ba: duka biyun sun ba shi gaskiya, tunda ba a rubuce ba ne, kuma awa 48 ba su cika ba. Duk inda amsoshin suka bambanta, a nan ɓarakar take. Bayan haka ka ba wani da bai taɓa ganin ta Turancin ba ya karanta Hausar, ya faɗa maka da bakinsa wa zai yi me. In ya ce abin da ba ka nufa ba, jimlar za ka gyara.

Akwai wani sashe da nake zaton yana cikin takardarku, kuma ya fi na gyara wuyar sha'ani. Shi ne wanda ke cewa in kuɗin haya ya yi kwana kaza ba a biya ba, a ce kwana 21, ko an nema ko ba a nema ba, mai gida na iya sake shiga gidan, hayar ta ƙare. Abu na farko, kada ka zubar da "ko an nema ko ba a nema ba". Ma'anarsa ita ce ɗan haya ba zai kafa hujja da cewa ba a tuna masa ba, kuma yana da haƙƙin sanin haka. Abu na biyu, in ka juya sashen yadda yake, mai karatu zai fahimci cewa a rana ta 22 ana iya zuwa a sauya makulli a fitar da kayansa. Dokar Najeriya ba ta yarda da wannan ba. Mai gida ba ya fitar da ɗan haya da ƙarfin tuwo, ko ta cire ƙofa ko kwano. Sai ya bi matakan sanarwa da doka ta shimfiɗa, ciki har da sanarwar kwana 7 ta niyyar zuwa kotu, sannan kotu ta ba da umarni.

A nan mutane kan kasu biyu, kuma duka sun kauce. Wani ya tausasa sashen har ya ɓace, wani ya kaifafa shi ya rubuta "za a fitar da kai nan take" don ya tsorata masu jinkirin biya. Hanyar da ta dace ita ce ka rubuta abin da sashen ya ce: "In kuɗin haya ya yi kwana 21 ba ka biya ba, ko an tuna maka ko ba a tuna maka ba, mai gida yana da damar kawo ƙarshen hayar ya karɓi gidansa." Sai ka ja layi, ka sa wani bayani daban mai taken "Abin da doka ta ce", inda za ka faɗi cewa karɓar gidan ta hanyar kotu ake yi. Ta haka maganar yarjejeniya tana wurinta, maganar doka tana wurinta, ba wanda zai ce ka cusa wa takardar abin da babu.

Wannan rarrabewa ita ce za ta cece ka a batun notis ma. Kowa a gari ya haddace cewa mai hayar shekara wata shida ake ba shi. Haka yake a dokar karɓar gidaje da ake aiki da ita a Abuja, da kuma dokar haya ta Jihar Legas ta 2011: wata ɗaya ga mai biya wata-wata, wata shida ga mai hayar shekara-shekara. Amma waɗannan wa'adodi suna aiki ne in yarjejeniyar ba ta faɗi nata ba. In takardarku ta ce wata uku, wata uku za ka rubuta, ko da kunnenka ya fi sabawa da shida. Kuma da yake kowace jiha tana da tata dokar, bayanin da za ka sa a ƙarƙashin layi sai lauya ya duba shi da dokar Jihar Kaduna.

Saura matsayin ita takardar Hausar. Dokar shaida ta Najeriya ta 2011, a sashe na 128, ta kafa ƙa'idar cewa in an rubuta yarjejeniya, rubutun ne ke magana, ba a karɓar zancen baka don a sauya shi, sai a wasu keɓaɓɓun halaye. Don haka "ai haka mai kula da gida ya faɗa mini" ba ya tsayawa da ƙafarsa a kotu cikin sauƙi. Amma takarda ta biyu da aka sa wa hannu, wadda ta saɓa wa ta farko, tana iya zama sabuwar rigima: wacce ce yarjejeniyar? Maganin wannan shi ne ka rubuta a saman shafin farko cewa wannan bayani ne na yarjejeniyar da aka sa wa hannu ranar kaza, ba ya ƙara komai ba ya rage komai, kuma in an samu saɓani yarjejeniyar ce abin bi. Ka faɗa wa 'yan hayar wannan da bakinka, kada ka bar shi a ƙananan haruffa. Kowane layi na Hausa ka sa masa lambar sashen da ya fito daga ciki, yadda wanda ke shakka zai iya kai wa nasa lauyan ya gwada.

In akwai wanda ba ya karatu a cikinsu, dokokin kare marasa karatu sun tanadi cewa wanda ya rubuta takarda a madadin irin wannan mutum ya sa sunansa da adireshinsa a jiki, a matsayin shaidar cewa an karanta masa an yi masa bayani kafin ya dangwala. Ka roƙi lauyanku ya sa wannan bayani a ƙarshen yarjejeniyar, tare da sunan wanda ya yi tafinta. Ni shawarata a yi wa duk wanda ba ya jin Turancin takardar haka, ko da yana karanta Hausa ko ajami.

Za ka kuma ci karo da wurin da kai kanka ba ka gane ba, ko inda sashe biyu suka ci karo da juna, misali ɗaya ya ce kwashe sokawe na mai gida ne, wani ya ce duk kuɗin tsaftar gida na 'yan haya ne. Kada ka zaɓi wanda ya fi maka. Zaɓin nan yanke hukunci ne, kuma kai ɗan'uwan mai gida ne, duk yadda ka yi za a ce ka karkata. Ka yi wa wurin alama, ka mayar wa lauyan da ya rubuta ya warware shi a cikin asalin takardar, sannan ka sauƙaƙa abin da ya gyara. In ka kammala duka, ka ba shi Hausar ya bi ta layi-layi, in ba ya jin Hausa sosai ku zauna tare ka mayar masa da ita baki da baki.

Ka fara da sassa huɗu da suka fi jawo magana: biyan kuɗi, gyara, sanya wani a gidan, da notis. Ka raba wa 'yan hayar kafin lokacin sabunta haya, su tafi da ita gida su karanta a natse, su dawo da tambayoyinsu kafin a sa hannu. Allah Ya ba da zaman lafiya tsakaninku.